Network+ ko CCNA, da wanne zan fara?

Ummi_K: Assalamu alaikum. Ina son zama mai kula da netwok, amma ko sabnetin, lissafin rarraba adireshin netwok, ban iya ba tukuna. Kuɗin jarrabawa ɗaya kawai nake da shi. In yi Network+ ta CompTIA wadda ba ta jingina da kayan wani kamfani ba, ko in tafi CCNA ta Cisco kai tsaye?

Bash: Yi duka biyun kawai, ki huta.

Ummi_K: Ɗan'uwa, ai na ce kuɗin guda ne.

Sadik: Ni Network+ na yi, kuma har yau abin yana ci mini rai. Na je intabiyu, suka ajiye mini suwic suka ce in sa kwamfutar akawu a VLAN 10. Na san mene ne VLAN, zan iya yi musu bayani har gobe, amma hannuna bai taɓa rubuta wannan ba:

```
interface gi0/1
switchport mode access
switchport access vlan 10
```

Layi uku! Na zauna ina zufa, suka ce za su kira ni. Shiru kake ji.

Malam Habu: Sadik, Allah ya kawo wani, amma ba laifin satifiket ba ne kaɗai. Packet Tracer, manhajar Cisco ta kwaikwayon netwok, kyauta ce, da ka yi atisaye a kai. Ummi, gwada wannan: 192.168.10.0/26, na'ura nawa zai ɗauka? Adireshi 64 ne, a cire na netwok da na watsawa, saura 62. Jarrabawar biyu duk suna son ki iya wannan. Bambancin shi ne CCNA za ta sa ki ɗora shi a kan rauta, ki kunna OSPF, tsarin da rautoci ke sanar da juna hanyoyi, ki gano dalilin da ya hana hanya tashi. In lissafin nan yana ba ki wahala yanzu, CCNA za ta yi miki nauyi, amma ba a sharɗanta wata takarda kafin a zauna mata.

Bash: Kuma CCNA ta fi tsada nesa ba kusa ba.

Malam Habu: Dala 300 ce. Network+ ma ta ɗara haka.

Zee: Ni ƙasa da haka na biya Network+, da rangwamen ɗalibai. Kuma wurin aikinmu MikroTik da Juniper ne, umarnin Cisco bai tsinana mini komai ba. A Junos, manhajar na'urorin Juniper, in ba ka buga `commit` ba, gyaranka bai fara aiki ba.

Sadik: Zee, ke da aiki ya same ki ta hannun yayanki, shawararki daban ce da tamu.

Zee: Yayan nawa ne yake saita mini rautar kullum?

Bash: A ba mu lambar yayan don Allah 😂

Sadik: Abin da ya fi ƙona mini rai, tallar aikin masu farawa ce amma a ce sai mai gogewar shekara uku. Su kuma takardun nan duka shekara uku suke yi kafin a sabunta. A ina mutum zai samo gogewar?

Ummi_K: Malam Habu, /27 fa, 30 ke nan?