Saƙonnin guraben aiki sun cika mini imel, amma babu na akanta

Sadiya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na karanta aikin akanta, na gama bautar ƙasa bara, kuma saboda jinyar mahaifiyata ba zan iya barin Kano ba. Na buɗe Google Alerts da kalmomin `jobs Kano`, kullum saƙo na shigowa, amma daga labarin siyasa sai tallar neman direba. Makon jiya wata ƙungiya ta nemi akanta, ban sani ba sai da aka rufe. Me zan gyara?

Malam Habibu: Wa alaikumus salam. Malama Sadiya, kalmominki ne suka yi faɗi, domin duk labarin da gwamna ya yi alkawarin samar da ayyukan yi yana ɗauke da su biyun. Masu ɗaukar ma'aikata sunan muƙami suke rubutawa, don haka ki goge wancan ki sa wannan:

```
("finance officer" OR accountant) vacancy Kano -Lagos
```

Alamar zance tana sa a nemo kalmomin biyu a jere, alamar ragewa kuma tana cire duk shafin da ya ambaci Legas. A ƙarƙashin `Show options` ki zaɓi `At most once a day` da `All results`, saboda `Only the best results` yana tace ƙananan shafuka, alhali a can irin waɗannan tallace-tallace suka fi fitowa.

Hajiya Rabi: Malam, ban yarda da cire Legas ba. Kamfanoni da yawa hedikwatarsu tana can, kuma adireshin yana ƙasan tallar ko da aikin na Kano ne, ka ga ke nan za ta yi asarar su ba tare da ta sani ba.

Malam Habibu: Hajiya, idan ba ta cire ba, ayyukan Legas za su binne na Kano.

Nura: Ni shekara biyu ina samun saƙonnin nan, wuri ɗaya ne ya kira ni, shi ma kuɗin fom suka nema. Aiki a ƙasar nan sai da hanya.

Hajiya Rabi: Sadiya, 'yata, kin duba `Spam` da `Promotions` kuwa? Ki yi matata a Gmail da adireshin `googlealerts-noreply@google.com`, ki zaɓi `Never send it to Spam`. Sannan ki buɗe wata sanarwar a ReliefWeb, inda ƙungiyoyin agaji suke saka gurabensu da kansu, domin Google sai ya gano shafi kafin ya sanar da ke.

Sadiya: Na gode Hajiya, amma saƙonnin suna isowa lafiya. Kuma Malam, da gangan na faɗaɗa kalmomin, domin ko aikin kashiya ko na sito na samu zan karɓa. Idan na taƙaita su ga akanta kaɗai, su waɗannan ta ina zan gan su?

Malam Habibu: Kowane muƙami ki buɗe masa tasa sanarwar daban.

Sadiya: Saƙo huɗu ke nan kullum, ga tsadar data. Bari dai in bar tsohuwar tukuna. Shin Legas ɗin in cire ko in bari?