Wa'adin miƙa rahoton karatu ya wuce ni, me zan rubuta wa ofishin sikolashif?

'Yar Wunti: Assalamu alaikum. Ina digiri na biyu a kimiyyar ƙasar noma, da tallafin wani ofishi a Abuja. Kowane zango sai na miƙa rahoton ci gaban aiki, da sa hannun sufabaizana, da na shugaban sashe, da hatimin ofishin manyan digiri. Wa'adin ya cika 30 ga Satumba, yau ga mu Litinin 13 ga Oktoba. Sakamakon ƙasar da na ɗebo a Dass bai fito daga lab da wuri ba, da ya fito kuma malamin ya yi tafiya, sai Litinin 20 ga wata zai dawo. Ban ce musu komai ba tukuna. In rubuta yanzu ne ko in bari sai rahoton ya kammala? Ina tunanin in ce Laraba 22 zan kawo.

Ɗan Jekadafari: Wa'alaikumus salam. Ki ce rashin lafiya kika yi kawai, ki nemi takardar asibiti. Ba mai ja da cuta.

Maman Biyu: Subhanallahi, ta jawo wa kanta ciwo da bakinta? Idan suka kira sashensu aka ce kullum tana lab fa?

Tsohon Magatakarda: 'Yata, yau za ki rubuta, ba ranar 20 ba. Na daɗe a teburin da irin waɗannan takardu ke sauka. Idan wa'adi ya wuce, jami'in da ke riƙe da fayilinku yana fitar da sunayen waɗanda ba su kawo ba ya kai wa na sama da shi. Wanda wasiƙarsa ke cikin fayil, ana rubuta "ya nemi ƙarin lokaci" a gaban sunansa. Wanda ya yi shiru kuwa, ba a san ko yana makarantar ba ma, kuma kuɗin irinsa ake fara tsayarwa.

Wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya. A sama ki sa cikakken sunanki, lambar da ke kan takardar ba ki tallafin, da zangon da rahoton ya shafa. Jimlar farko ta ce rahoton da ya kamata ya iso 30 ga Satumba bai iso ba, kuma kina ba da haƙuri. Dalili jimla biyu ya isa: sakamakon lab ya makara, mai sa hannu ba ya gari sai 20 ga wata. Kada ki zargi malaminki a rubuce, don takardar tana iya komowa teburinsa. Sai ki faɗi abin da kika gama, ki haɗa da kwafin rahoton da ba a sa wa hannu ba, ki rubuta a kansa cewa daftari ne. Ki rufe da ranar da za ki kawo, ki roƙi su amsa miki a rubuce.

Amma 22 ɗin nan ban yarda da ita ba.

Injiniyan Tumfure: Baba, wasiƙa ba ta hana komai. Ni a kan kari na kai nawa, da ƙafata, daga Gombe har Abuja. Na miƙa wa wani a bakin ƙofa ya ce in tafi, an karɓa. Da aka zo biya kowa ya ga alat ban da ni. Na kira, aka ce babu rahotona a fayil. Na ce na kawo, aka ce ina shaida? Ba ni da ko tsinke. Na sake bin sa hannu daga farko, lokacin shugaban sashenmu ya canza, sabon ya ce shi ba zai sa hannu a kan zangon da bai gani ba. Kuɗin wannan zangon har na gama karatu ban gan su ba. Babur ɗina na sayar na biya rajista.

Maman Biyu: Allah sarki. Allah ya mayar da alheri.

Injiniyan Tumfure: Amin Hajiya. Har yau in na ga mai irin babur ɗin raina ɓaci yake yi.

Ɗan Jekadafari: Injiniya, ashe kai ne ka sayar min, birkin ma ba ya ci 😂

Malama Azare: Labarin Injiniya ai darasinsa kwafi biyu ne. Ki kai biyu, a buga wa ɗaya hatimin karɓa da kwanan wata a dawo miki da shi. Ni ban taɓa zuwa ba ma, kamfanin aika saƙo nake ba wa, wajen dubu takwas, su ba ni rasit mai lambar bibiya.

Ɗan Muda Lawal: Dubu takwas? Direba a tasha dubu uku zai kai miki.

Malama Azare: Direban ne zai tsaya a buga masa hatimi?

Injiniyan Tumfure: Ni sha biyar aka ce min kwanaki. Kuma rasit ɗin kamfani yana nuna ambulan ya isa ƙofa ne kawai, ba ya nuna ya shiga fayil.

'Yar Wunti: Na gode duka. Baba Magatakarda, me ya sa 22 ba ta yi ba? Ina tsoron in na nisanta ranar su ce raini ne.

Tsohon Magatakarda: Ki lissafa hannayen da takardar za ta bi. Malaminki ya dawo Litinin 20, ba ke kaɗai ke jiransa ba, ki ce Talata ya karanta. Zai yi gyara, malami ba ya mayar da takarda fara. Laraba ki gyara ya sa hannu, Alhamis 23 shugaban sashe, idan ba ya wajen taro. Juma'a kada ki sa ta a lissafi, daga an tafi masallaci ofis ya tashi. Litinin 27 hatimin ofishin manyan digiri, Talata ki ɗauki hoto ki tura PDF ta imel, ki aika na takarda. Don haka ki rubuta Alhamis 30 ga Oktoba, kin bar wa kanki kwana biyu na ko-ta-kwana. Wanda ya ce 30 ya kawo 28 ya wanke kansa, wanda ya ce 22 ya kawo 28 kuwa ya saɓa sau biyu, kuma na biyun shi ya yanka da bakinsa. Kafin ki tura, ki sami malamin a waya ya tabbatar da 20 ɗin. In ya yarda ya turo layi biyu ta imel cewa aikin na hannunsa, ki haɗa da wasiƙar.

Dakta Kashere: Da girmamawa Baba, zamaninku na fayil ne. Wasu ofisoshin yanzu fotal suke amfani da shi, in ya rufe ya rufe, wasiƙa ba ta buɗe shi. Ta duba yarjejeniyar da ta sa wa hannu, a nan aka rubuta abin da makara ke jawowa, da wanda ke da ikon ɗaga ƙafa. Kuma tana iya tambaya ko shugaban sashe zai sa hannu a madadin sufabaiza, wasu suna karɓa.

Tsohon Magatakarda: Na yarda da duba yarjejeniya. Amma fotal ɗin ma mutum ne ke buɗe shi, Dakta, kuma sai ya ga takarda.

Ɗan Muda Lawal: Ko malamin ya sa kwanan watan Satumba a sa hannunsa, magana ta ƙare.

Dakta Kashere: Ranar da ba ya gari? Ni ɗalibi ya zo min da wannan, korarsa zan yi daga ofis.

Malama Azare: Ni abin da ke ba ni haushi, mu a ce rana kaza ko a tsayar da kuɗi, su kuwa alawus ɗin zangon da ya wuce har yau shiru. Wa ya rubuto mana wasiƙar ban haƙuri?

Injiniyan Tumfure: Yauwa! Su ma su yanka mana rana.

Maman Biyu: Mu namu ya shigo, amma rabi. Malama, ku wane rukuni ne? A watan nawa aka tantance ku?