Jan ido da ƙyallin goshi sun ɓata mini hotunan dina, ina neman shawara

Nazifi, Unguwar Rogo: Salamu alaikum jama'a. Ni na ɗauki hotunan dinar yayata ranar Asabar a nan Jos, da Canon 600D da filash ɗin jikinta. Ana tsakiyar shagali aka ɗauke wuta, janareto kuma ƙwan fitila huɗu kawai ya ja. Yanzu idanun mutane sun fito jawur, goshin ango kuwa kamar an watsa masa man gyaɗa. Ina da Lightroom da Photoshop, kuma da RAW na ɗauka. Albam ake so ranar Juma'a. Ta ina zan fara?

Baba Ado: Wa alaikumus salam. Ɗana, a wannan hunturun wa ka gani da farin ido? Ga ƙura, ga rashin barcin biki. Ni ma tun makon jiya idona yake ja. Wannan ai ba laifin kyamara ba ne.

Nazifi: Baba, ba farin idon ne ya yi ja ba. Tsakiyar baƙin ne, kamar garwashi.

Baba Ado: To, wannan kuma sai masu sana'a.

Mubarak: Abu mai sauƙi. Ka ja `Highlights` zuwa -100, ka rage `Texture` sosai, ka kwafa saitin a kan duka hotunan. Minti biyar ka gama. Ni haka nake yi ko a waya.

Oga Sani, Dilimi: Nazifi, kada ka taɓa komai tukuna. Mubarak, rabin maganarka daidai ce, zan dawo kanta.

Ka fara da idon don shi ne mai arha. Wurin duhu ne, tsakiyar idon kowa ta buɗe sosai, filash ɗinka kuma yana zaune dab da gilashin kyamara. Haske ya shiga ta wannan ƙofa, ya bugi bayan ido inda jijiyoyin jini suke, ya dawo ta hanyar da ya bi. Jinin kake gani. Idan ka duba, waɗanda ka jawo daga nesa sun fi waɗanda ka tsaya kusa da su ja, saboda duk yadda ka yi nisa, filash da gilashi sai su zama kamar a layi ɗaya suke.

A Lightroom ka matso da hoton zuwa 100%, ka ɗauki `Red Eye Correction`, ka ɗora a tsakiyar idon ka ja har ya rufe baƙin. Sai ka gyara `Pupil Size` har jan ya ƙare ba tare da ya hau fatar ido ba, sannan `Darken`. A nan yara suke kuskure, su ja shi har idon ya koma rami. Ka bar ɗan ɗigon farin nan na filash, shi ne ran idon. In ka kashe shi mutum zai fito kamar gunki. Ido ɗaya-ɗaya za ka bi, ba a kwafa wannan.

Nazifi: Oga, wallahi haka ne. Waɗanda na ɗauka da dogon gilashi 55-250 daga bayan zaure su ne jajaye. Na kusa kuma goshi ne matsalarsu. Na gwada, ya yi a wajen ango da abokansa, amma a idon amarya ya ƙi, sai ya baƙanta mata kwalliyar saman ido.

Oga Sani: Jan kwalliya ya ruɗe shi, ja kawai yake nema, bai san ido ba. Yi da hannu. Buɗe `Masking`, ɗauki `Brush` ƙarami, ka shafa tsakiyar idon kaɗai. `Saturation` zuwa -100, zai koma toka-toka. Sai ka sauke `Exposure` a hankali, wajen -1.5 ko -2, har ya yi daidai da idon wani da bai yi ja ba a hoton. Haka ma za ka yi in idon ya fito ruwan lemo maimakon ja.

Yanzu goshi, nan aikin yake. Kafin ka zaɓi magani sai ka san ko wurin ya ƙone ko bai ƙone ba. Danna `J` a `Develop`, duk inda ya kai ƙarshen fari zai nuna ja. Amma tunda RAW ne kada ka yarda da wannan kaɗai. Ja `Exposure` na hoton gaba ɗaya zuwa -2 na ɗan lokaci, ka zuba wa goshin ido. In ƙofofin gashi da launin fata suka dawo, akwai abin cetowa. In wurin ya zama faci mai ruwan toka, sumul kamar siminti, to kyamara ba ta ajiye komai a wurin ba. Gaya mini abin da ka gani.

Nazifi: Na gwada a hoton yanka kek. Gefen ƙyallin ya dawo da fata, amma tsakiya, wuri kamar girman kwabo a saman girar dama, toka ne kawai.

Oga Sani: Madalla, ciwo biyu ke nan a goshi ɗaya. Mayar da `Exposure` inda yake. Gefen nan da ya dawo, maganin Mubarak zai yi masa, amma da `Brush` a kan goshin kaɗai, mai laushin baki, `Highlights` wajen -40 zuwa -60. In ka ja na hoton duka zuwa -100, farar shaddar ango za ta dafe kamar an wanke ta da ruwan rijiya, duwatsun rigar amarya su mutu. `Texture` kuma ka ƙyale shi, shi ke mayar da fuska roba.

Kwabon tsakiya kuwa ba a rage masa haske, fenti ake yi masa. Tura hoton Photoshop. Buɗe sabon `Layer` wanda babu komai a ciki, ka mayar da shi `Darken`. Ɗauki `Eyedropper`, sa `Sample Size` a `5 by 5 Average`, ka ɗebo launi daga fatar da ke dab da ƙyallin, inda take da haske. Kada ka ɗebo daga gefen kunne ko ƙarƙashin hula, can inuwa ce, za ka yi wa bawan Allah tabon sallar da bai nema ba. `Brush` mai laushi, `Flow` 5%, ka riƙa shafawa sannu-sannu kana sake ɗebo launi daga kowane gefe, don goshi ba launi ɗaya ba ne. Amfanin `Darken` shi ne abin da ya fi fentinka haske kawai yake taɓawa, gira da bakin hula ba ruwansa da su.

Idan ya rufu, wurin zai yi santsi fiye da sauran fuskar, musamman da yake ka ɗauka cikin duhu, hoton yana da yashi-yashi. Je `Filter > Noise > Add Noise`, 1% ko 2%, ka zaɓi `Monochromatic`. Na ƙarshe, sauke `Opacity` na fentin zuwa wajen 60%, ɗan ƙyalli ya leƙo ta ƙasa. Hasken nan shi ke nuna goshi yana da tudu. In ka share shi tas, baƙar fata sai ta kwanta kamar allo. Ka kunna fentin ka kashe sau biyu ko uku. In idonka ya fara faɗawa wurin da ka gyara kafin idon angon, ka yi yawa.

Hajara mai kwalliya: Oga Sani, ni fa a nan ban bi ka ba. Amaren da nake yi wa kwalliya ba mai son ganin ko ɗigon maiƙo, su biya kuɗin hoda sannan a bar musu ƙyalli? Kuma Nazifi, laifin maza ne. Sanyin Jos ya sa ku lafta basilin ko man kaɗanya tun daga goshi har wuya, ga hula ga zufar rawa. Tishu ɗaya da ka ba angon ya danna a goshi, dannawa ba gogewa ba, da duk wannan wahalar ba ta taso ba.

Oga Sani: Tishu gaskiya ne, Hajiya Hajara, ina yawo da shi a jakar kyamara. Amma ko wadda kika yi wa hoda, in aka harbe ta da ƙaramin filash kai tsaye sai ta yi ƙyalli. Abin da ake gani a goshin hoton fitilar ne kanta, kamar a madubi. Ƙaramar fitila, ɗigo mai zafi. In ta yi faɗi, ƙyallin ya bazu ya yi laushi. Shi ya sa muke juya kan filash sama ya bugi silin, ko mu sa lema. Kuma wannan juyawar ita ke kashe jan idon ma, tunda hasken ya daina bin layin gilashi.

Mubarak: Oga, silin ɗin da masu ado suka lulluɓe da yadi ruwan hoda fa? Na taɓa yi, kowa ya fito kamar an shafa masa janbaki.

Oga Sani: Hasken yana ɗaukar launin abin da ya buga. In silin ba fari ba ne, ko ya yi tsawo da yawa, nemi farin bango, ko ka cire filash daga kan kyamara yaro ya riƙe maka a gefe, sama da kai kaɗan. Na jikin 600D dai ba ya juyawa, Nazifi sai ya ari na ɗorawa. Kafin nan ka ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600, ka sauko da `Shutter Speed` zuwa 1/60, hasken zaure ya taya ka, filash ya rage ƙarfi.

Maman Ilham: Ku yi haƙuri in shigo, ni ma'aikaciyar jinya ce. Nazifi, kana bin idanun nan ɗaya-ɗaya, in ka ga ƙaramin yaro ido ɗaya ja ɗayan kuma fari ko rawaya-rawaya, musamman a hoto fiye da ɗaya, kada ka gyara ka yi shiru. Ajiye na asalin ka nuna wa iyayensa su kai shi wajen likitan ido ba da jinkiri ba. Wani lokacin kusurwar ɗauka ce kawai, wani lokacin yanar ido ce ko ƙari a cikin idon.

Nazifi: Na duba yaran duka, ja ne ido biyu, alhamdu lillahi. Na gode Anti. Oga, na gama na yanka kek, ya ci mini minti 20. Na farko na yi masa tabon da ka ce, sai da na goge na sake. Saura 37 masu goshi.

Oga Sani: Ba duka ke buƙatar fenti ba. Yi gwajin -2 ɗin a kowanne, ka ware waɗanda suka ƙone. Na rukuni da fuska ba ta kai girman ɗan yatsa a albam ba, `Brush` a Lightroom ya ishe su.

Nazifi: Na tura wa Yaya guda biyu, mai 60% da mai 100%. Ita ta zaɓi mai 100%, angon ya ce a wannan bai gane goshinsa ba.

Hajara mai kwalliya: Wa ya biya kuɗin albam ɗin?

Nazifi: Babu wanda ya biya, Anti. Gudummawata ce.