Neman kalma: me za mu kira "menorajiya" a saƙon asibiti?

Maman Walid: Assalamu alaikum. Jama'a, kalma nake nema. Yayata ce da ke Rigasa, shekararta 38, al'adarta ta rikice mata wata uku ke nan. Jini yana zuwa da yawa, kullum a gajiye take, idan ta miƙe tsaye sai ta dafa bango saboda jiri. Asibitin da take zuwa suna da lambar da ake tura saƙo kafin a ba mutum ranar ganin likitan mata, kuma mai karanta saƙon tana jin Hausa. Wata maƙwabciyarmu da ke makarantar koyon jinya ta ce sunan abin menorajiya, gajiyar da jirin kuma anemiya. Ba na so in sa kalmar da Yaya ba za ta iya maimaitawa ba idan aka kira ta a waya. Ga abin da na rubuta ban tura ba: "Wata uku ke nan ina zubar da jini, ga gajiya, ga jiri." Mece ce Hausar menorajiya?

Abban Sadiƙ: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Ai wannan yana da suna tuntuni, istihala ke nan, jinin ciwo. Ki rubuta haka, kuma ki tuna mata ta yi wanka ta ci gaba da salla.

Malama Ummu Aisha: Abban Sadiƙ, ba hukuncin salla ta tambaya ba, kuma kalmar ba za ta ɗauki wannan kayan ba. Istihala da kwanaki ake gane ta. A mazhabar Malikiyya iyakar haila kwana 15 ne, wadda ta saba da kwanakinta kuma takan ƙara uku a kai, muddin ba ta haura 15 ɗin ba. Abin da ya wuce nan shi ne jinin ciwo. To mace za ta iya zubar da jini mai yawan gaske cikin kwana shida, ya ɗauke, duka haila ce, babu istihala ko ta yini ɗaya. Wata kuma ɗigo-ɗigo take gani har kwana 20, tana cikin istihala, amma ƙarfinta na nan. Idan aka rubuta wa asibiti "istihala", sun san ya daɗe, ba su san yawansa ba.

Sista Maman Biyu: Malama ta yi daidai. Ni ungozoma ce, irin waɗannan saƙonni suna zuwa hannuna. Maman Walid, kafin mu je ga kalmar, jimlarki tana da fuska biyu. "Wata uku ina zubar da jini" zai iya zama jinin bai ɗauke ba tun wata uku da suka wuce. Zai iya zama kuma al'ada tana zuwa a lokacinta, tana ɗaukewa, amma sau uku a jere ta zo da yawa. Waɗannan hanyoyi biyu ne daban a wurin likita. Na farko, za a fara tunanin ɓarin da bai fita duka ba, ko allurar tazarar haihuwa, ko wani abu a bakin mahaifa. Na biyu shi ake kira menorajiya, kuma a shekarun yayarki abin da ake fara nema a hoto shi ne ƙari a mahaifa, wanda mata ke ce wa faibroid. Wanne ne nata?

Maman Walid: Na biyun ne, Sista. Yana zuwa a lokacinsa. Da kwana biyar take yi, yanzu tara ko goma. Tsakani kuma babu komai.

Ɗan Tudun Wada: To ai da sauƙi. Hausawa suna cewa jini ya tsinke mata, ko ya ɓalle mata. A ce tsinkewar jinin al'ada.

Sista Maman Biyu: Ƙanena, wannan kalmar tana da mazauninta, kada mu tashe ta. Idan aka shigo mana da mace aka ce jini ya tsinke mata, kowa barin abin da yake yi yake, a nemi jijiya a sa ruwa, a tura a nemo jini. Kalmar bayan haihuwa ce da ɓari, abin da ke faruwa cikin minti ko awa. Idan muka ɗora ta a kan abin da ke cin mace a hankali wata bayan wata, ranar da ake buƙatar ta tayar da mutane ba za ta tayar ba.

Baba Mai Fassara: Na yi shekaru ina fassarar shirye-shiryen lafiya, kuma abin da na fi ji ana amfani da shi "yawan zubar jinin al'ada" ne. Daidai yake amma bayani ne, ba suna ba, ga tsawo. Ni ina ba da shawarar "ambaliyar haila". Gajere ne, kuma ambaliya na nuna abin da ya haura iyakarsa, ba abin da ya zo ba lokacinsa ba. Wadda aka faɗa wa sau ɗaya ba za ta manta ba.

Malama Ummu Aisha: Baba, yana da daɗin faɗa, amma ina jin tsoron wadda ba ta kai ga ɓata katifa ba za ta ce nata bai kai ambaliya ba, ta zauna a gida.

Sista Maman Biyu: Wannan tsoron nawa ne ni ma. Su kansu likitocin mata sun fara ajiye kalmar menorajiya, sun koma ga faɗin abin kai tsaye, saboda kowa yana fahimtarta yadda ya ga dama. Don haka ni "al'ada mai yawan jini" ta ishe ni. Amma kowace aka zaɓa, sai an bi ta da awo, domin "da yawa" na wata shi ne "daidai" na wata. A littafi ana cewa fiye da mililita 80 a zuwa ɗaya, amma babu macen da ke auna wannan. Abin da muke tambaya shi ne: ya wuce kwana bakwai? Tana canja audugar mata duk awa ɗaya ko biyu saboda ta cika, ko tana haɗa biyu, ko fad da ƙunzugu? Tana tashi cikin dare ta canja? Yana fita guda-guda, kuma girman gudan kamar me? Wanda ya kai girman goro abin faɗa ne. Idan tsumma take amfani da shi, ta faɗa ba kunya, don mu san yadda za mu ƙiyasta.

Hajiya ta Kawo: Ni ma na yi irin wannan bayan na yi allurar wata uku. Nawa ba yawa ba ne, ƙin ɗaukewa ya yi, yau a gani gobe ba a gani ba. Na je wani kyamis na ce jinina ya yi ƙasa, sai ya ɗaura min abin awo a hannu ya ce lafiyata ƙalau. Na koma gida da jirina. Sai daga baya aka ɗebi jinin a asibiti aka ce ya ragu. Ta sha zogale da hanta, da malt da madara, zai dawo.

Sista Maman Biyu: Hajiya, labarinki ya kawo mu kan kalma ta biyu. "Jini ya yi ƙasa" abu biyu ne a bakin mutane. Akwai saukar bugun jini, kishiyar hawan jini, wanda ake aunawa a damtse. Akwai kuma anemiya, wadda ba a ganinta sai an ɗebi jini an gwada. Mutum zai iya samun awon damtse mai kyau alhali jininsa ya tsinke kamar ruwa. Don haka a saƙo a ce "ƙarancin jini". A takardar gwaji za ki ga Hb ko PCV. Ga macen da ba ta da ciki, Hb ƙasa da 12 ƙarancin jini ne, wato PCV ƙasa da 36 ko kusa da haka. Idan Hb ya sauka ƙasa da 8, ya yi tsanani.

Hanta da nama da wake suna taimakawa, amma malt da madara ba su ƙara jini, kuma madara da shayi suna rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfen da ake gina jini da shi. Ko ƙwayar ƙarin jini ma, idan ba a tsayar da zubar ba, ɗura ruwa ne a randa mai yoyo.

Baba Mai Fassara: Kakata "fara" take cewa, wai wance fara ta kama ta, idan tafin hannu da cikin ido sun yi fari fat. Na so a dawo da ita.

Ɗan Tudun Wada: Baba, a Kaduna yau ka rubuta "ina da fara", sai a tambaye ka nawa ne mudu. Ƙarancin jini kowa ya san shi.

Sista Maman Biyu: Kuma Maman Walid, kada ki rubuta "ina da ƙarancin jini" tunda ba a gwada ba. Ki faɗi abin da take ji, ki roƙi gwaji. "Jiri" ma ki buɗe shi: duhu take gani idan ta miƙe, ko ɗakin ne ke juya mata ko tana kwance? Na biyun hajijiya ce, sau da yawa daga kunne take. Ki tambaye ta maganar ciki, tazarar haihuwa, da magungunan da take sha, har na gargajiya.

Maman Walid: Na kira ta. Ga yadda na gyara:

"Assalamu alaikum. Shekarata 38, haihuwata biyar, autana shekararsa huɗu. Wata uku a jere al'adata tana zuwa da yawan jini. Tana zuwa a lokacinta, amma da kwana biyar nake yi, yanzu tara zuwa goma. A kwana uku na farko ina canja fad duk awa biyu saboda ya cika, ina tashi sau biyu da dare, kuma yana fita guda-guda kamar goro. Tsakanin al'ada ba na ganin jini, haka ma bayan kwanciyar aure. Ta ƙarshe ta fara ranar 6 ga wata, ta ɗauke ranar 15. Ban yi ɓatan wata ba, ba na allura, ban sa roba ba. Ina gajiya sosai, idan na miƙe ina ganin duhu, idan na yi shara ina haki zuciyata na bugawa da sauri. Ban taɓa suma ba. Ina yawan kwaɗayin tauna ƙanƙara. Farasitamol kawai nake sha. Ina roƙon ranar ganin likita da gwajin ƙarancin jini."

Maganar ƙanƙarar ita ta faɗa, ban san ko in cire ba.

Sista Maman Biyu: Ki bar ta. Kwaɗayin ƙanƙara ko farar ƙasa yana tafiya da ƙarancin sinadarin ƙarfe, likita zai gane. Saƙon ya yi, kuma gwajin ciki za a yi mata ko da ba ta yi ɓatan wata ba, kada ta ji wani iri.

Baba Mai Fassara: Na ga ba ki sa ko ɗaya daga kalmomin namu a matsayin suna ba. A saƙo na yarda. Amma a allon asibiti ko kan labari sai an sami suna gajere, kuma har yanzu ban ji wanda ya fi ambaliyar haila ba. Ina jiran mai kawo wani.

Sista Maman Biyu: Baba, mu ci gaba da wannan, ni dai ina kan "al'ada mai yawan jini". Maman Walid, ke kuma ki saurare ni. Da wannan hakin da bugun zuciyar, kada ku zauna jiran amsar saƙo. Ki tura yau, gobe da safe ki raka ta a ɗebi jini, kafin wata al'adar ta zo ta same ta a haka. Idan kuwa ta suma, ko tana haki a zaune, ko ƙirji na ciwo, ko jini ya dawo tana cika fad duk awa har awa biyu a jere, wannan ba na saƙo ba ne, ku wuce sashen gaggawa ko da tsakar dare, Barau Dikko ko Yusuf Ɗantsoho ko wanda ya fi kusa da ku.