Maki 2 cikin 10 a tambayar mai babakere

Nura: Jama'a ku raba ni da malamin nan. A tes ya ba mu P = 100 − 2Q da C = 50 + 10Q + Q², inda P farashi ne, Q yawan kaya, C kuɗin da aka kashe, ya ce kamfani ɗaya ne tal a kasuwa, a nemo Q da ya fi kawo riba. Na fitar da MC = 10 + 2Q, wato kuɗin da yin ƙarin guda ɗaya yake ci, na daidaita shi da farashi kamar yadda shi da bakinsa ya koya mana a zangon farko, na samu Q = 22.5, P = 55. Ya ba ni 2 cikin 10. In ba zalunci ba mene ne wannan? Mai babakere ma ai farashin da ya ga dama yake yankewa, to wace amsa ce za a ce kuskure ce?

Sagir: Tun daga kalmar ka ɓata. Wa ya ce maka monofoli babakere ne? Babakere sai wanda ya danne wasu ya cinye kasuwa da ƙarfi. Wanda ya tsinci kansa shi kaɗai a gari bai danne kowa ba.

Hadiza: To Sagir me za a kira shi? Kane-kane? Ai duk kanwar ja ce.

Sagir: Ba ɗaya ba ne. Babakere zagi ne, monofoli kuwa suna ne kawai na yanayin kasuwa.

Nura: Ni makina nake magana, ba ajin Hausa na buɗe ba.

Yaya Mustafa: Nura ƙanena, MC ɗinka daidai ne, shi ne ya samo maka maki biyun. Inda ka kauce shi ne P = MC. Wannan dokar ta mai sayarwa ce a kasuwar da ke cike da irinsa, wanda ko ya ninka kayansa farashi ba zai motsa ba. Naka kamfanin shi kaɗai ne, in yana son ya sayar da ƙarin guda ɗaya sai ya sauke farashi da naira 2, kuma a kan duka kayan zai sauke, ba a kan na ƙarshen kaɗai ba. Saboda haka sai ka fara haɗa kuɗin shiga: TR = P × Q = 100Q − 2Q². Ka ɗauko dTR/dQ, ka samu MR = 100 − 4Q, wato kuɗin shigar da ƙarin guda ɗaya yake kawowa. Shi za ka daidaita da MC: 100 − 4Q = 10 + 2Q, wato 90 = 6Q, Q = 15.

Hadiza: Ni ma 15 na samu, na sa a 100 − 4Q, farashi ya fito 40. Ya ba ni 6. Shi ma wannan ban gane ba.

Yaya Mustafa: Hadiza, 40 ba farashi ba ne, abin da guda na ƙarshe yake ƙara wa kamfani ne. Masu saye ba su san da MR ba. Ki koma kan P = 100 − 2Q ki tambaye su nawa za su biya in kayan 15 ne: 70. Kuɗin shiga 1,050, abin da aka kashe 50 + 150 + 225 = 425, riba 625.

Bashir: Ni dai ina bayan Nura a maganar ga dama. A unguwarmu kawuna ne kaɗai mai burtsatse. Ranar da ya so ya ƙara kuɗin jarka ƙarawa yake, babu wani MR da yake dubawa. In wannan ba babakere ba ne ban san me ne ba.

Sagir: Ka ji! Kawunka da ya kashe kuɗinsa ya haƙa ruwa ka kira shi mai babakere a gaban mutane. Allah ya sa kar ya gani.

Bashir: Kai dai tun da aka ba ka shugaban aji ba ka taɓa cewa malami ya yi kuskure ba. Kowa ya san ɗan gaban goshi.

Sagir: Meye haɗin wannan da ruwan kawunka?

Zainab: Bashir, tsakani da Allah, in ya ƙara kuɗin, layin 'yan garuwa yana nan yadda yake?

Bashir: Yakan ragu. Wasu sukan tafi rijiyar bayan makaranta.

Zainab: To ka gani. Farashi ya zaɓa, amma yawan jarkokin mutanen unguwa ne suka zaɓa masa. Ba ya riƙe duka biyun.

Nura: Yaya, ban gamsu ba. Ni na sayar da 22.5, kuɗin shigata 1,237.5, ya fi naka 1,050. Ta yaya wanda ya fi ciniki zai zama shi ne ya faɗi?

Yaya Mustafa: Cire abin da ka kashe mana. A 22.5, Q² kaɗai 506.25 ne, jimilla 781.25, ribarka 456.25. Amma bar wannan, ka tsaya a 15 ka ce za ka ƙara guda ɗaya tak. Farashi zai sauka zuwa 68. Na goma sha shidan ya kawo 68, gaskiya ne, sai dai guda 15 ɗin da da za ka sayar a 70 kowanne ya yi asarar naira 2, wato 30. Abin da ya shigo aljihu 38 ke nan. Yin sa kuwa ya ci 41, domin C ta tashi daga 425 zuwa 466. Ka yi aiki, ka rage wa kanka naira 3. Gwada 14 ma, riba 622 za ka gani, daidai da ta 16. Ko ba ka iya komai a ɗakin jarrabawa ba, ka gwada maƙwabtan amsarka biyu: in ɗayansu ya fi ta riba, ba ka kai ba.

Hadiza: Wato dai kullum a ninka lambar da ke gaban Q, 2 ya koma 4, shi ke nan MR.

Yaya Mustafa: In layin buƙata miƙaƙƙe ne irin wannan, e. Ranar da aka ba ki mai lanƙwasa ki ninka, za ki sha mamaki.

Auwal: Ku 'yan tattalin arziki kuna da abin dariya. A ɓangarenmu na akanta ba mai mantawa da kuɗin haya. Ina 50 ɗin ta tafi a lissafinku? Ku raba 425 da 15 ku ga ainihin kuɗin guda ɗaya.

Zainab: Ba a manta da ita ba, an cire ta a riba. Ko mutum ya yi guda 1 ko 30 sai ya biya ta, don haka ba ta da ta cewa a kan yawan da za a yi. Mai da ta 300, Q yana nan 15, riba ce kawai za ta koma 375.

Auwal: A takarda. In haya ta tashi kowane ɗan kasuwa ƙara farashi yake.

Sagir: Wa ma ya saka ɗan akanta a nan?

Auwal: Wanda ya ba ka shugabanci.

Sagir: To bari in taƙaita wa waɗanda suka shigo yanzu. An tabbatar malam bai zalunci kowa ba, amsa 15 ce da 70. An kuma yarda cewa monofoli ba babakere ba ne, kamar yadda na faɗa tun farko. Sauran surutu ne.

Hadiza: Wa ya yarda? Ni ban ga inda aka yarda ba.

Bashir: Ƙamus za mu ɗauko gobe.

Nura: Na ji 15 ɗin. Amma MC da na fitar daidai ai ya fi maki 2, ko Hadiza da ta ɓata farashi 6 ta samu. Yaya, in na je ofishinsa ranar Litinin za ka raka ni?