Tattakin kilomita 6 da dattawa da yara a ciki: awa nawa zai ci?

Sakatariyar ƙungiya: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta iyayen masu sikila a nan Kano za ta yi tattakin neman taimako ranar 19 ga Yuni, ranar sikila ta duniya. Hanyar kilomita 6 ce, mu kusan 80, kuma mun yi alkawari tare za mu fita, tare za mu isa. A cikinmu akwai shugabarmu, Hajiya ce da ta haura sittin, ga ciwon gwiwa, akwai kuma yara masu ciwon. Ƙarfe 7 muka sa. Mai abinci da babban baƙonmu suna tambayata ƙarfe nawa za mu iso, ni kuwa na rasa amsa. Wanda ya taɓa shirya irin wannan ya taimaka min da abin da ya gani.

Ɗan bautar ƙasa: Wa'alaikumus salam Anti. Ki buɗe Google Maps ki zaɓi tafiyar ƙafa, lokacin da ya ba ki ki ƙara rabinsa. Kilomita 6 zai nuna wajen awa ɗaya da kwata, kin ga ya zama kusan awa biyu. Haka muka yi a namu kuma ya yi daidai. Ki ce musu ƙarfe 9.

Malamin motsa jiki: Ƙanena, lissafinka ya kama tafiyar kanta, amma ya bar duk lokacin da ƙafa ba ta motsi. Kuma ina jin ku matasa ne zalla.

Hajiya sakatariya, ni na daina ƙiyasi da ka tun da na ji kunya sau ɗaya. Lafiyayyen babban mutum yana cin kilomita 5 a awa, wato minti 12 kowace kilomita. Dattijuwa mai ciwon gwiwa ba ta wuce kilomita 3 a awa, minti 20 ke nan. Tunda kun ce tare za ku isa, ki manta da sauran mutum 79, agogon shugabarku kaɗai ke aiki. Ki roƙe ta ku fita da safe ɗaya, ku taka kilomita guda a kan hanyar da za ku bi, ki duba agogo. Kada ki ce mata gwaji ne, in ta sani za ta ɗaga ƙafa don kada a raina ta, ki samu lissafin ƙarya.

A ce kin samu minti 20. Kilomita ukun farko awa guda ke nan. Ukun ƙarshe kada ki ba su 20, rana ta ɗaga, gwiwa ta fara magana, ki ba su 23, minti 69. Tafiya zalla ta kama awa 2 da minti 10. Tsayawar shan ruwa biyu, kowace ki rubuta minti 15 ko da 10 kuka yi niyya, domin mutum 80 ba sa karɓar fiyawata su miƙe lokaci guda. Sai ki ƙirga manyan mahaɗar titi da za ku tsallaka, kowace minti 5. In uku ne, 15. Jimla awa 2 da minti 55. Ƙarfe 7 kuma ba za ku tashi ba, ana rabon riguna, ana addu'a, ana hoto, sai 7 da rabi. Ki gaya wa mai abinci 10 da rabi.

Uwar biyu: Malam ya yi gaskiya, amma akwai abin da na gani da idona a tattakin marayu da muka yi da zafin bazara, ni ce a can ƙarshe da mahaifiyata. Na gaba su yi nisa, su samu inuwar dogon yaro su zauna suna jiranmu. Da sun hango mu sai su kakkaɓe riga su miƙe, su sun huta minti goma, Inna kuwa ko zama ba ta yi ba. Sau uku ana haka. A karo na ukun na ga leɓenta ya bushe, tana dafa kafaɗata, ruwan da ke cikin buhu kuma ya ƙare kafin mu iso. Kilomitar ƙarshe sai da ta ci mana fiye da rabin awa. Don Allah ƴar'uwa, hutu ya fara ƙirguwa daga lokacin da na ƙarshe ya iso ya zauna. In ba haka ba mai rauni ƙara rauni yake, lissafin Malam ma ya rushe.

Malamin motsa jiki: Wannan ita ce cutar, Hajiya. Ku duba: mai kilomita 5 a awa zai gama cikin minti 72, a lokacin mai 3 a awa yana kan kilomita 3.6, tsakaninsu ya haura kilomita biyu. Maganinta shugabar ta zama jagaba, ita ke riƙe da kyallen ƙungiya a sahun farko, ba mai wuce kyallen. Alamar an fara tsinkewa ita ce na ƙarshe ya daina hango kyallen.

Mai shagon waya: Ni kullum bayan asuba ina yin taku 8,000, agogon hannuna ke ƙirgawa, awa ɗaya da ƴan mintuna na gama, kuma wajen kilomita 6 ɗin ne. Sugana ma ya sauka. Ku sayi irinsa ku ba yaran, zai gaya musu komai.

Sakatariyar ƙungiya: Allah ya ƙara lafiya Alhaji, amma kai kaɗai kake tafiyarka. Tawa matsalar ta ayari ce.

Ma'aikaciyar jinya: Ni damuwata yaran. Mai sikila ƙishirwa da gajiya da zafin rana suna iya tayar masa da ciwo, haka ma in ruwan sama ya jiƙa shi sanyi ya kama shi, Yuni kuwa damina ta shigo. Awa uku a kan kwalta ya yi musu yawa, har rana ta kai 10 da rabi. Na taɓa raka wani tattaki, yarinya ƴar shekara goma ta ƙi faɗa tana jin ciwo don kada a ce ita ta tsayar da mutane, sai da na ga tana ɗingishi tana riƙe ƙugu. Ku sa mota a baya, yaran su taka kilomita ɗaya ta farko da rabin ta ƙarshe, sauran a mota, ruwa a hannu. Hutu kuma duk kilomita ɗaya da rabi, uku ke nan, a ƙara minti 15 a kan na Malam.

Dattijon unguwa: Ƴata, maganar yara na yarda. Amma sa dattijuwa a gaba ban yarda ba. An taɓa yi min haka, ina jin takun matasa a bayana kamar ana korata, na yi saurin da ba nawa ba, kwana biyu ban iya durƙuso a salla ba. Gara a raba ayari biyu, mu masu sannu mu riga fita da minti 45, matasa su tarar da mu daf da wurin taro, a shiga tare.

Malamin motsa jiki: Baba, hakan na aiki, sai dai ayari biyu yana son masu tare hanya biyu da motar ruwa biyu, ƙaramar ƙungiya ba lalle ta iya ba.

Sakatariyar ƙungiya: Na gode ƙwarai. Asabar za mu fita gwajin kilomita da Hajiya. Mai abinci na ce mata 11 saura kwata, baƙo kuma zan kira shi idan mun tashi daga hutun ƙarshe. Batun raba ayari zan kai wa kwamiti, don Hajiyar da kanta ta riga ta ce ita a gaba take so.