Me za mu kira wannan kati, kuma wace ƙofa za ta nufa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Gwaggona tana filin jirgi yanzu, ba ta taɓa hawa jirgi ba, ta turo mini hoton katin da aka ba ta bayan auna kaya da hoton allon tashin jirage. A katin akwai GATE B14, SEAT 23A, BOARDING 13:40, DEPARTURE 14:20. Ina so in rubuta mata da Hausa kafin ƙarfe ɗaya. Me zan kira katin, me kuma zan kira GATE?

Hajiya: Ki ce tikiti kawai, kowa ya san shi. Ni da na yi tafiya haka muka riƙa kiransa.

Tsohon ma'aikacin filin jirgi: Hajiya, tikiti shaidar biyan kuɗi ne, wannan kuwa shi ake nunawa a bakin jirgi, saboda haka katin shiga jirgi ya fi dacewa. Amma abin da ya fi damuna shi ne lokacin. BOARDING lokacin fara shiga jirgi ne, wato biyu saura minti ashirin na rana, kuma shi za ta riƙe. Idan ta jira 14:20 za ta tarar an rufe ƙofa, domin yawanci ana rufewa minti 15 zuwa 20 kafin tashi. Me allon ya nuna?

Mai tambaya: A layin da ke da sunan garin da za ta, an rubuta B9.

Malamin Hausa: Ni ban yarda a kira GATE ƙofa ba, domin ƙofa ta ɗaki ce. Mashiga ita ce kalmar da ta dace, kuma abin takaici ne a ce muna da ita amma muna jin nauyin amfani da ita.

Hajiya: Malam, idan aka ce mata mashiga, komawa za ta yi inda ta shigo da jakunkunanta.

Malamin Hausa: Da haka harshe yake tsiyacewa, Hajiya.

Tsohon ma'aikacin filin jirgi: Malam, a yi haƙuri, lokaci yana tafiya. 'Yata, kada ki dogara da sunan gari, domin jirage biyu suna iya zuwa gari ɗaya a rana ɗaya. Ki duba haruffa da lambar da ke ƙarƙashin FLIGHT a katin, ki nemo su a allon. Idan sun yi daidai da layin B9, to an sauya ƙofa bayan buga katin, kuma allo ne mai gaskiya. Ki bar B9 yadda yake, domin shi za ta gani a rataye a sama. Ki kuma gaya mata 23A kujerarta ce, kada ta neme ta a bango.

Mai tambaya: Lambar ta yi daidai, Baba. Na rubuta mata: ƙofar shiga jirgi B9, ki kasance a can kafin biyu saura minti ashirin.

Malamin Hausa: Na amince da katin shiga jirgi. Maganar mashiga kuwa ban janye ba.